Me za mu kira wurin da ɗango yake yankewa?

Luba: Assalamu alaikum. A zaman gyaran waƙa da muke yi nan Sakkwato kullum sai wani ya ce "gyara layin birek ɗinki", ni kuwa kalmar ta ishe ni. Ina neman ta Hausa. Ga waƙar da ta jawo maganar:

Rani ya yi tsanani a garinmu,
Gulbin Rima ya ƙafe, mutane na cikin wahala,
Baba ya ƙetare gulbi da takalminsa a ƙafa,
Wannan ya nuna halin da muke ciki.

Nasiru: Ai akwai ta tuni, saɓi-zarce. Mun yi ta a aji.

Malam Bello: Nasiru, ka kusa amma ba ka kai ba. Yadda munka koya, in ma'ana ta malala daga ɗango zuwa ɗango cikin baiti guda, gangara ce. In ta tsallaka baiti zuwa baiti, saɓi-zarce. Masu aruli na Larabci suna da talmini, har cikin aibobin ƙafiya, wato amsa-amo, suke lissafa shi. Duk waɗanga suna faɗin abin da ma'ana ta yi bayan an yanke. Luba wurin yankan take tambaya, ko ma'ana ta tsaya nan ko ta wuce.

Luba: Haka ne, Malam. To ko "karin ɗango", daga karyawa?

Malam Bello: A'a, ɗiyata. Kari ya riga ya zama ma'aunin waƙa, za a rikice. Gaɓa ma ta kalma ce.

Nasiru: Mayanka fa?

Inno: Sai ka ce mahauta muke! Ni dai "datsi" na gani. Tunda an ce gangara, ai ruwa ne, ruwa kuwa datse shi ake yi. Datsin ɗango. Kuma tana ba da aiki: datse nan, matsar da datsin gaba.

Bari in gwada a waƙarki, ƙanwata. Ɗango na uku shi kaɗai ne waƙa a ciki. Mutum ya ƙetare Rima bai cire takalmi ba, an gama faɗin rani. Na ɗaya da na biyu labarai ne, na huɗu kuwa malamin makaranta ne ya shigo yana fassara. Duk ɗangon da ya fara da "wannan ya nuna" ko "ma'ana", rufe shi da yatsa ki karanta saura. In ba abin da ya ɓace, goge shi. Sai ki datse haka:

Baba ya ƙetare Rima
da takalminsa a ƙafa.

Mai karatu ya kai ƙarshen ɗangon farko yana ganin ruwa da jirgi, ya sauko ya tarar da takalmi. Wannan ɗan jinkirin shi ne amfanin datsin. Ki datse bayan "da" ki ji yadda harshe ke tuntuɓe, don "da" ba ta tsayuwa ita kaɗai. Ki datse bayan "Baba" kuwa, ba abin da kika samu, sai tsayawar banza.

Sani: In a waya ne, a WhatsApp kibiyar da ke ƙasan allon rubutu za ki danna, layi ya sauko.

Luba: Na gode Yaya Sani, sauko da layin na iya, wurin da ya dace in sauko nake nema. Amma Anti Inno, baiti mai ɗango huɗu-huɗu nake yi, yanzu saura ɗango biyu.

Inno: Kada ki mayar da bayani don cike gurbi. Ki je bakin gulbi ki samo wani abin da ido ya gani. "Wahala" ba a ganinta. Jirgi kife a kan yashi ana ganinsa, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa ma an fi gani. Guda ya isa, in kika jera biyar za su danne takalmin.

Malam Bello: Na yarda da gyaran, amma a san iyakarsa. A waƙa mai kari da amsa-amo, irin ƙwar biyu ko ƙwar biyar da munka gada tun zamanin su Nana Asma'u, marubuci ba ya matsar da datsi yadda ya so. Ƙafafun kari sun cika, ƙafiya ta faɗo, ɗango ya ƙare. Abin da zai iya shi ne sake jerin kalmomi, mai nauyi ta zo ƙarshe. Shi ya sa magabata ba su bukaci kalmar ba. Kuma can in ka goge ɗango sai ka biya shi da wani mai awo ɗaya. Nan ne ciko ke shigowa, abin da Larabawa ke kira hashawu.

Nasiru: To ni har yanzu ban ga abin da ya raba waƙar da ba kari da zube da aka daddatsa ba.

Inno: Karanta ta da ƙarfi, sannan ka haɗe layukan su zama jimla guda ka sake karantawa. In ba abin da ya canza, zube ce, datsin na ado ne.

Malam Bello: Datsi bai yi mini ba sosai, yana nuna kamar an tare abu da ƙarfi, alhali wani ɗangon da kansa yake ƙarewa. Ga wannan "matsaya" ta fi.

Luba: To ranar Asabar zan kai duka biyun, datsi ga wanda aka yanke jimla ba ta ƙare ba, matsaya ga wanda ya ƙare da kansa. Malam, gangara ta zauna yadda take ko?

Malam Bello: Ta zauna. Turo baitin in kin sa kazar.