Sun ce awa huɗu tare da agogon New York: me zan rubuta a fom ɗin?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cike fom ɗin neman aikin kula da kwastomomi daga gida, kamfanin kuwa ma'aikatansa yawanci a New York suke. Tambayoyi uku ne suka tsayar da ni. Ta farko, awa nawa zan iya kasancewa a kan aiki tare da su tsakanin `9:00` da `17:00 ET`, wato agogon New York, kuma ba sa karɓar ƙasa da huɗu. Ta biyu, in bayyana intanet ɗina. Ta uku, yadda nake sanar da abokan aiki halin da nake ciki. Ni agogonmu UTC+1 ne, ba a taɓa shi duk shekara. Na rubuta cewa kowane lokaci suka nema ina nan, sai jikina ya ba ni kada in tura. Waɗanda suka bi ta wannan hanya, ku taimaka mini da abin da kuka gani.

Sadik: Wa alaikumus salam. Lissafin ba wuya, awa shida ce tsakaninku. Tara na safensu uku na yamma ne a wajenki, ki rubuta uku zuwa bakwai ki wuce wurin.

Malam Nuhu: Sadik, ka yi daidai, amma na wata huɗu da 'yan kwanaki kawai a shekara. Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya ran Lahadi ta biyu a watan Maris, ta mayar da shi ran Lahadi ta farko a Nuwamba. A lokacin sanyinsu New York tana UTC-5, tazarar awa shida ke nan kamar yadda ka ce. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba kuwa tana UTC-4, tazarar ta koma biyar. Don haka awa huɗun farko na ranarsu, a wajen Hauwa'u biyu zuwa shida na yamma ne a mafi yawan shekara, uku zuwa bakwai kuma a lokacin sanyi. Idan tana da wani abu da take yi kullum da ƙarfe biyu, ko da shida da rabi, to yanzu ya kamata ta gano, ba bayan ta sa hannu a takarda ba.

Malama Hauwa'u, wannan jimla ta kowane lokaci ina nan, ki goge ta. Na taɓa zama cikin masu tace takardun masu neman aiki, kuma duk wanda ya rubuta haka abin da muke karantawa shi ne bai zauna ya yi lissafi ba. Ki rubuta da lambobi: kina UTC+1, agogonku ba ya sauyawa, za ki kasance `9:00–13:00 ET` Litinin zuwa Juma'a duk shekara, kuma kin san wannan yana nufin lokacinki zai matsa sau biyu a shekara. Wannan ƙarshen jimlar ita ce ke nuna kin san abin da kike shiga.

Rukayya: Wayyo, Malam ka taɓo mini tsohon miki. A watan Yuli aka turo mini imel cewa ganawa `10:00 EST`. Na buɗe shafin lissafin lokaci, na sa EST kamar yadda aka rubuta, ya ba ni ƙarfe huɗu. Na yi shiri tsaf, na shiga Zoom saura minti biyar, na zauna ina kallon fuskata ni kaɗai har minti ashirin. Ashe tun ƙarfe uku matar ta jira ni ta gaji, imel ɗinta na neman ko lafiya yana nan ban duba ba saboda ina ta maimaita amsoshi a gaban madubi. Su da yawa EST suke rubutawa rani da damina don bakinsu ya saba, alhali EST agogon lokacin sanyinsu ne, a Yuli EDT ake ciki, wanda aka tura gaba da awa ɗaya. Laifin rubutu nata ne, amma ni ce na rasa. Sun sake ba ni wata rana, sai dai na shiga ina ba da haƙuri maimakon in shiga ina nuna abin da na iya. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ba ni sai na mayar da amsa cewa wato `14:00 UTC` ke nan ko, kuma in roƙi a turo gayyatar kalanda, don ita da kanta take juya lokacin zuwa agogon wayata.

Bello: Ni shawarata ki fara tambayarsu ko za su yi miki biza. Wani abokina sai da ya gama komai aka ce masa shi zai nemi takardunsa da kansa.

Hauwa'u: Yaya Bello, ba tafiya zan yi ba, daga ɗakina zan yi aikin.

Bello: Au, afuwan, ban karanta da kyau ba.

Isiyaku: Bari in ba ki nawa labarin, don ni ne mutumin da ya rubuta kowane lokaci kuma aka ɗauke shi. Nawa kamfanin a California yake, tara na safensu shida na yamma ne a wajena lokacin sanyi, tashinsu kuwa biyun dare. A ganawa aka tambaye ni ko zan iya, na ce ai ba komai. Sati biyun farko daɗin samun aiki ya riƙe ni. Daga wata na biyu na fara amsa wa kwastoma tambayar da bai yi ba, wata rana ma na farka goshina a kan madannan kwamfuta, na cika akwatin rubutu da harafi ɗaya. Gidan kuma da safe ba ya yin shiru don wai ni na kwana aiki. Wata huɗu na yi na ajiye da kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya manajan ya ce da na nemi in riƙa farawa kafin su farka in haɗu da su awa uku kawai, da ya yarda. Ban tambaya ba, tsoro nake kada a ba wani. Naki biyu zuwa bakwai ai da sauƙi, amma kada su ce ko za ki iya kaiwa tashinsu ki ce e don kunya. Biyar na yammansu goma ko sha ɗaya na dare ne a wajenki.

Sadik: Na karɓi gyara. Batun intanet kuwa, ki shiga speedtest.net ki ɗauki hoton sakamakon ki liƙa. Ni nawa 40 Mbps ya nuna, ba wanda ya ƙara tambayata komai.

Malam Nuhu: Da ƙarfe nawa ka gwada?

Sadik: Da safe, wajen bakwai.

Malam Nuhu: To ka auna titi lokacin da babu mota. Aikinta da yamma ne, lokacin da kowa ya hau layi, a nan za ta gwada, kuma kwana biyar ko bakwai a jere. Sannan babbar lambar da ido ke fara gani ta saukewa ce. Kiran bidiyo ba ya cin da yawa, megabit uku zuwa huɗu kowane ɓangare sun ishe shi, amma yana buƙatar `upload` mai kyau da layin da ba ya tsinkewa. Muryar da ke karyewa kamar ana magana ta cikin fanka yawanci ba ƙarancin gudu ba ne, saƙonni ne ke zubewa a hanya. Ga yadda za ki gani a Windows:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

A Mac ko Linux `-c` ake sawa a wurin `-n`. Idan ya gama ki duba kashi nawa ya ɓace, ki kuma duba tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar lokaci da mafi girma. Kashi ɗaya ko biyu za a iya magana. Ni na taɓa ganin nawa ya zubar da bakwai cikin ɗari da ƙarfe shida na yamma, lokacin yana tsalle daga 60 ms zuwa 900, alhali gwajin gudu bai nuna wata matsala ba. Na jawo waya daga rauta zuwa kwamfuta abin ya ragu kaɗan, sauran sai da na sauya kamfani.

Zainab: In ƙara a kan na Malam, layi na biyu ya zama na wani kamfani daban. Ni sim biyu nake da su na kamfani ɗaya ina ta alfahari ina da madadi, ranar da sabis ɗinsu ya ɗauke duka biyun suka mutu tare. Kuma ki gwada komawa kan na biyun tun kafin ranar buƙata. Ki zare rauta daga wuta ana tsakiyar kira da wata ƙawarki, ki kunna na wayar, ki duba agogo. Ni minti biyu yake ɗauka, kuma haka na rubuta musu: babban layi kaza, madadinsa kaza, komawa minti biyu, batirin laftof awa biyar, rauta kuma tana kan nata batirin.

Tambayarki ta uku ma a nan amsarta take. Kada ki ce kin iya mu'amala da mutane, kowa haka yake cewa. Ki faɗi abin da kike yi. Ni kafin in tashi kullum nakan bar saƙo a Slack: abin da na gama, abin da ya tsaya da dalilinsa, da abin da nake jira daga wane. Kuma ba na tura gaisuwa ita kaɗai in jira amsa, domin mai amsawar yana iya yin barci, gaisuwa ta cinye mana yini guda. Tambayar gaba ɗaya nake zubawa, da lambar ƙorafin da hoton allo da abin da na riga na gwada. In layi ya yanke kuma, da wayar nake fara rubuta musu cewa na faɗi, zan dawo cikin minti kaza, kafin ma in taɓa rauta.

Rukayya: Anti Zainab, ni fa ban yarda a ambaci batir ba. Kina cewa rauta tana kan batiri kin gaya musu wuta na ɗaukewa a wajenki. Mai tace takardu ɗari uku dalilin jefarwa yake nema. In sun tambaya a ganawa sai a yi bayani.

Zainab: Ai sun riga sun tambaya, fom ɗin ne ya ce ta bayyana. Kuma sun ga inda take zaune, in ta yi shiru su cike gurbin da zatonsu.

Malam Nuhu: Na ga masu tacewa iri biyun nan duka, ba zan ce ɗaya ce ta yi gaskiya ba. Ni dai da na ga tanadi a rubuce hankalina ya fi kwanciya, amma ba kan abin da babu shi ba, don wasu kamfanonin sukan sa a yi gwajin gudu ana cikin ganawa a nuna musu allo.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gyara ta farko kamar yadda Malam ya ce, na kuma gano ƙarfe biyun nan ta ci karo da ɗauko yara daga makaranta, don haka `10:00–14:00 ET` zan rubuta, wato uku zuwa bakwai yanzu, huɗu zuwa takwas in sun mayar da agogo. Na gwada `ping` ɗazu da ƙarfe biyar, uku suka ɓace cikin ɗari. Zan maimaita har Alhamis tunda sai Juma'a za a rufe. Maganar batir ɗin ce har yanzu na rubuta na goge sau biyu.