Rancen banki: M1 yake ƙarawa ko M2?

Ɗaliba: Salamu alaikum. Tambayata kan M1 da M2 ce, ma'aunan yawan kuɗin da ke yawo a ƙasa. Wani ya kafe min cewa in banki ya ba da rance, M2 kaɗai ke ƙaruwa, M1 ba ya motsi, tunda ba a buga sabuwar takarda ba. Haka ne?

Akanta: Wa alaikumus salam. Ai gaskiyarsa. M1 tsabar kuɗi ne, babban banki ne kawai ke fitar da shi.

Tsohon manaja: A'a Malam, nan ka ɗan kauce. Tsabar da ke hannun jama'a ɓangare ne kawai na M1, sauran kuma kuɗin asusun karant ne, wanda za ka kashe yanzu-yanzu ba tare da jiran kowa ba. M2 shi ne duk wannan, a ɗora masa ajiyar da ba a taɓawa nan take, kamar ta wa'adi. Abin da kake nufi tushen kuɗi ne, wato tsaba da ajiyar bankuna a babban banki. Shi kam rancen ba ya ƙara shi a ranar.

Ƙanwata, ɗauki biro. Banki ya ba wani kamfani rancen miliyan 10. Ba buhu za a miƙa masa ba, a asusunsa na karant za a rubuta miliyan 10, kuma ba a rage ajiyar kowa ba. A take M1 ya hau da 10, M2 ma ya hau da 10.

Ɗan kasuwa: Kenan miliyan 20 aka ƙirƙira daga rancen 10? Lallai bankuna sun iya tsafi.

Tsohon manaja: Haba Alhaji! Ba a tara su. M1 a cikin M2 yake zaune, kuɗin ɗaya ne aka ƙirga a ma'auni biyu.

Mu bi sawunsa. Kamfanin ya tura wa mai sayar masa da kaya duka goman, a wani bankin. M1 da M2 ba su canja ba, ajiyar bankuna a babban banki ce ta tashi daga wannan banki zuwa wancan. Mai kayan ya ciri miliyan 2 tsaba, har yanzu shiru, domin daga aljihun M1 na dama ya koma na hagu. Sai ya kulle miliyan 5 a ajiyar wa'adin shekara ɗaya. To a nan suka raba hanya: ƙarin M1 ya dawo 5, na M2 yana nan 10. In kamfanin ya biya miliyan 4 na uwar kuɗi daga karant, waɗannan huɗun sun ɓace gaba ɗaya. Saura 1 a M1, 6 a M2.

Ɗan kasuwa: Ni da na ci bashi ba a saka min cikakke ba, sai da suka zare nasu caji.

Tsohon manaja: Abin da ya sauka a asusunka ne kawai ya shiga lissafi. Cajin ya zama kuɗin shigar banki, sai ranar da ya biya albashi ko wani abu da shi zai koma asusun mutane.

Malama: Na yarda da lissafin Yallaɓai, kuma haka Bankin Ingila ya bayyana a 2014, cewa rance ne ke haifar da ajiya. Amma kada a ɗauki M2 kamar katanga. A ƙasashen yuro, ajiyar da wa'adinta ya wuce shekara 2 ba ta cikin M2. Da mai kayan ya kulle biyar ɗin na shekara 3, shi ma M2 ɗin sai ya sauka. Iyakar ma mutane ne ke shata ta. A Amurka, daga alƙaluman Mayun 2020 aka shigar da asusun ajiya cikin M1, sai ya yi tsalle daga ƙasa da dala tiriliyan 5 zuwa sama da 16. Yawancin wannan sauyin ma'auni ne, ba rance ba, shi ya sa M2 bai yi irin tsallen ba.

Akanta: Na ji batun karant. Amma "ba a rage ajiyar kowa ba" ɗin nan bai kwanta min ba. Da kamfanin ya tura kuɗin wani banki, ina bankin farko ya samo abin biya? Ashe dai sai da ajiyar jama'a.

Malama: Yana buƙata, amma bayan rancen. Zai jawo sabbin masu ajiya, ko ya aro a wajen 'yan uwansa bankuna, ko a babban banki. Abin da ke taka masa birki shi ne jarinsa, tsadar aron, da samun wanda zai iya biya.

Akanta: Gaba ko baya, Malama, in babu ajiyar ai bankin ya tsaya. Ni a wajena duk kanwar ja ce.

Ɗaliba: To Yallaɓai, in na ga M1 na sauka M2 na hawa, me zan ce?

Tsohon manaja: Fara duba kuɗin ruwa. In ya hau, mutane kan kwashe daga karant zuwa wa'adi, ko da bankuna ba su rage rance ba. In kina son sanin halin rancen kansa, jadawalin bashin bankuna za ki buɗe, ki jera shi da M2.