Neman kalma: da me za mu kira ƙaramin harafin nan na alamar Σ?

Malamin lissafi, Ƙofar Sauri:
Salamu alaikum malamai. Ita alamar Σ mun daɗe muna ce mata alamar jimla, yara kuma sun karɓa. Inda nake neman taimako shi ne harafin nan da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, k ko i, wanda Bature ke ce wa indes, sai kuma aikin gusar da shi. Ga misalin da nake ba 'yan aji: Σ(2k+1), k daga 1 zuwa 5. Wato 3+5+7+9+11, jimla 35. In na ce su mayar da shi ya fara daga 0, nan ake watsewa. Ni dai "manuni" nake cewa, don shi ke nuna lambar da aka kai.

Wani ɗalibi:
Malam, ai mu "ƙarfi" aka koya mana, kamar 2 mai ƙarfin 3 ya ba da 8.

Malamin lissafi:
Ka shiga wata gona, ɗana. Wancan shi ne ɗan adadin da ke zaune a kafaɗar lamba. Suna ne kawai ya zo ɗaya a Turanci, dalili ke nan ma da ya sa nake son mu raba masu suna.

Malama daga Daura:
Manuni ya yi, ga manuniya a hannun kowa. Gusarwar kuwa ni "canjin suna" nake ce mata, tunda k ce ta koma j, jimlar kuma tana nan yadda take.

Tsohon malami, Ƙofar Ƙaura:
Malama, jimlar tana nan, wannan gaskiya ne, amma canjin suna bai ɗauke maganar ba. In kin goge k kin rubuta j a ko'ina, daga 1 zuwa 5, to suna kika canza, ba abin da ya motsa. Gusarwa ita ce ki ce j = k − 1. Sai iyakoki su sauka, su koma 0 zuwa 4. To tunda k = j + 1, dole abin da ke ciki ya hau: 2(j+1)+1, wato 2j+3. Jera su ki gani: 3, 5, 7, 9, 11. Buhunan gero biyar ne aka sake wa lamba, geron bai ragu ba.

Yaron da ya ɗauka suna kawai ake canzawa zai sauke iyakoki ya bar 2j+1 yadda ya same shi, ya samu 1+3+5+7+9, wato 25. Akwai kuma mai wayon da ya san dole a taɓa cikin, amma sai ya saukar da shi kamar yadda iyakokin suka sauka, ya rubuta 2(j−1)+1. Nasa ya fara daga −1, ya ƙare da jimla 15. Na biyun nan ya fi wuyar gyara, don yana ganin ya bi ƙa'ida. Ni kafin in duba jimla, lambar farko da ta ƙarshe nake sa su fitar. In ba 3 da 11 ba ne, a koma baya. Shi ya sa na fi son "gushi da ramuwa": abin da aka rage a iyaka, a rama shi a ciki.

Malama daga Daura:
Allah shi gafarta Malam, na karɓi gyaran. Sai dai sunan ya yi tsawo, yaro ba zai riƙe shi a zauren jarrabawa ba. Kuma ni ɗalibaina ba nan suka fi faɗuwa ba, sai wajen raba jimlar gida biyu. Suna fitar da 2 waje daidai, 2Σk ya ba su 30, sannan su ƙara 1 tak su rubuta 31. Sun manta 1 ɗin ya zo sau biyar.

Tsohon malami:
Ai bayan gushin ma ya fi cizo. Σ(2j+3) daga 0 zuwa 4: 2Σj ya ba da 20, sai yaro ya ga 4 a sama ya ce 3 sau 4, ya samu 32. Daga 0 zuwa 4 lambobi biyar ne: na sama a cire na ƙasa, a ƙara ɗaya. 20 da 15, mun dawo 35. Kuma a ja masu kunne, abin da babu manuni a jikinsa kaɗai ke fita waje. A Σ(k·k) ba a fitar da k ɗaya a bar ɗaya.

Wani ɗalibi:
To Malam, shi 2 ɗin da ke fita waje fa, me za mu ce masa?

Malamin lissafi:
Na ji masu cewa "kafaffen adadi", na ji masu "tsayayye". A bar wannan sai wani zama. Manuni dai mun tsaya a kai. Gushin kuwa zan gwada "gushin manuni" a aji, in riƙa cusa "rama a ciki" duk lokacin da na rubuta j = k − 1 a allo. Malam, ko ka yarda?

Tsohon malami:
Ban yarda a yar da ramuwar daga sunan ba. Gwada dai, ka kawo mana takardunsu mu ƙirga masu 25.