Taƙaitawa: Ajiye fetur a jarka a gida

Ga abin da mutanen Abuja suka tattauna kan ajiyar man janareta.

1. Kan jarka, baki ya zo ɗaya: ta ƙarfe da aka ƙera don mai, ko ta roba mai kauri da aka rubuta HDPE a gindinta, murfinta na da zoben roba. Gorar ruwa da tsohuwar jarkar man gyaɗa ba su dace ba, domin tururin fetur na tserewa ta murfi, kuma a zafin Maris robar takan kumbura har ta tsage.

2. Kada a cika ta maƙil. Jarkar lita 20 a tsaya a 18 ko 19, saboda fetur na kumbura da zafi. A sauke ta ƙasa kafin a zuba mai, kada a bar ta cikin but ɗin mota.

3. An rabu kan yawa. Wasu sun ce lita 20 ta isa, masu babban janareta suka ce 40. A ganina lissafi ya raba gardama: janareta mai shan lita ɗaya a awa, awa 3 kullum, lita 21 ke nan a mako.

4. Mafi yawa sun ce kada fetur ya wuce wata 3, wasu suka kai 6. Idan ya yi duhu yana warin fenti, ya tsufa, zai toshe kafireto. Dizal ya fi daɗewa, amma ruwa na taruwa a gindinsa.

5. A ajiye a waje, a inuwa mai iska, nesa da kicin da tukunyar gas, domin tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta. A kashe janareta ya huce kafin a ƙara mai. Gobarar fetur da yashi ake kashe ta, ruwa baza ta yake yi.