Yaya mai POS zai gane kuɗin kuskure daga kuɗin damfara?

Assalamu alaikum. Ƙanena yana sana'ar POS a wani ƙauye da ke kusa da Ringim, kuma muna neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar.

Ranar kasuwa naira dubu 40 suka shigo asusunsa, ba saƙon bogi ba, domin ya duba manhaja ya ga kuɗin sun zauna. Jim kaɗan wani ya kira yana magiya, ya ce kuskure ya yi wajen rubuta lamba, amma a mayar masa ta wani asusu daban mai wani suna, wai nasa ya samu matsala. Ƙanena ya tura. Bayan kwanaki sai aka toshe asusunsa, saboda ashe kuɗin na wata mata ce da aka yaudara da cinikin ƙarya, aka ba ta lambar ƙanena a matsayin ta mai kaya. Ita ta kai ƙara bankinta, shi kuwa mai kiran ya kwashe kuɗin ya kashe waya, rasit ɗin matar kuma sunan ƙanena ya nuna.

Na fahimci cewa da ya ce wa mai kiran ya bi ta bankinsa, ko ya mayar wa asusun da kuɗin suka fito, da bai shiga wannan hali ba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne mataki na gaba. Shin rasit na fitar kuɗin da lambar cinikin da tarihin kiran za su isa hujjar a buɗe asusun, ko sai an haɗa da rahoton 'yan sanda? Kuma idan an buɗe, wa zai biya matar, tunda jarinsa gaba ɗaya yana cikin asusun?