Yaro ya turo hoton lissafin neman x: yaya kuke warware masa?

Yayar ɗan aji biyu: Salamu alaikum. Ƙanena yana JSS 2, ni kuma karatu ya kai ni wani gari, sai ya riƙa ɗauko aikin gidansa a hoto da wayar Umma yana turo mini. Makon jiya na warware masa ɗaya, na gwada amsar ta zauna daram, amma malaminsu ya sa masa jan biro. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaron ya yarda da ni. Ga abin da ke littafinsa:

3(x − 2) = x + 8

Inuwar hannunsa da layin takarda sun ratsa alamar ɗebewa, na ɗauka tarawa ce, na samu x = 1. Masu taimaka wa yara ta waya, yaya kuke yi?

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba a lissafin kika yi kuskure ba, a karatun hoton ne. Gwajin amsa ba ya kama irin wannan, domin tambayar da kika kwafa ce kike gwadawa. In da 3(x + 2) = x + 8 ne, 1 daidai ne: 9 nan, 9 can. Shi ya sa ni ba na taɓa komai sai na rubuta tambayar na mayar wa yaro, ya duba littafi ya ce haka take. Daga nan kowane layi aiki ɗaya, da dalilinsa a gajarce:

3x − 6 = x + 8, mun buɗe baka, 3 ya ninka x ya kuma ninka 2
2x − 6 = 8, mun ɗebe x a kowane ɓangare
2x = 14, mun ƙara 6 a kowane ɓangare
x = 7, mun raba kowane ɓangare da 2

Gwajin kuwa shi nake bari ya yi. 7 a ɗebe 2 saura 5, sau 3 ya zama 15. Ɗaya gefen 7 da 8, shi ma 15. Inda na fi ganin suna faɗuwa layin farko ne, su rubuta 3x − 2, su bar 2 ba a ninka ba. Nan za su samu 5, gwaji kuma ya ba da 9 da 13.

Mai shagon caji: Malam, wannan ai ya yi tsawo. Mu yadda aka koya mana, duk abin da ya tsallaka alamar daidai sai ya canja alama. Layi biyu an gama, yaran unguwa ma haka nake nuna musu.

Malamin lissafi: Yana aiki a kan 6 ɗin, Alhaji, ban musa ba. Amma ka ba sabon shiga 2x = 14 ka gani. Da yawa za su tsallakar da 2 su rubuta 14 − 2, su ce 12, saboda ba wanda ya gaya musu cewa 2 ɗin ninka x yake yi. In ka mayar da 12 cikin tambayar, 30 za ka samu a hagu, 20 a dama.

Mai shagon caji: To, ni dai nawa ba su taɓa yin haka ba.

Maman 'yan biyu: Ni a wajen rubutawa na sha wuya. A hoton, x + 1 ne a sama, dogon layi, 2 a ƙasa, daidai da 4. Da na buga a waya sai na sa x + 1/2 = 4, 'yata ta bi shi ta samu 3½, alhali amsar 7 ce. Baka ya kamata in sa, (x + 1)/2 = 4. Tun ranar na koma rubutawa a takarda da baƙin biro, in ɗauka daga sama kusa da taga, in tura. Su ma na hana su turo shafi guda, tambaya ɗaya hoto ɗaya.

Ɗan Damagaram: A kula da waƙafi idan hoton daga wajenmu ya fito. A makarantunmu 2,5x = 10 na nufin biyu da rabi sau x, amsa 4. Wani ɗan'uwanmu a Kano ya ɗauka lambobi biyu ne aka jera.

Ɗalibin SS 1: Don Allah nawa akwai x da y a layi biyu, shi ma baka zan fara buɗewa?

Maman 'yan biyu: Wannan wani darasi ne daban, ɗana. Turo hoton tukuna a gani.

Yayar ɗan aji biyu: Na gode, Malam. Jiya na mayar masa da tambayar kafin in fara, sai ga shi wata lamba da na ɗauka 1 ce a hoton ashe 7 ce. Abin da ya rage mini, in na rubuta layukan duka huɗu kwafewa kawai yake yi. In tsaya a 2x = 14 in bar masa sauran, ko hakan zai sa ya daina turowa?