Waƙar haddace jijiyoyin kai goma sha biyu: wacce ta fisshe ku, wacce ta kayar da ku?

Maryam Idi-Araba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura mako uku mu shiga sitifulces na anatomi, wato jarrabawar da ake bi tebur-tebur ana faɗin sunan abin da aka soka wa allura kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma har yanzu jijiyoyin nan goma sha biyu da ke fitowa daga kai suna yi mini wasan ɓuya. Na haddace waƙar Turancin nan ta dutsen Olimfus, wadda harafin farko na kowace kalmarta ke tuna maka sunan jijiya ɗaya a jere, ina rera ta ko cikin barci, amma da an ce mini "wace ce ta tara?" sai na koma farko ina ƙirgawa da yatsu. Waɗanda suka wuce wannan matakin, don Allah ku faɗa mana abin da ya yi muku aiki da abin da ya kunyata ku.

Sadiku Agege:
Wa alaikumus salam. Ni dai waccan waƙar ta kayar da ni, bari in ba ki labari. A namu sitifulces, an soka allura a wata 'yar siririyar jijiya kamar zare, tana zagayowa daga bayan tushen ƙwaƙwalwa. Na san cikin masu farawa da T ce. To waƙar tana da T biyu a jere, ta huɗu da ta biyar, kuma ba ta gaya maka wacce ce wacce. Ƙararrawa na shirin kaɗawa, na rubuta tiraijeminal. Ashe turokiliya ce, ta huɗu. Abin haushin, ko makaho ya shafa zai bambance su: tiraijeminal ita ce mafi kauri duk cikinsu, tana fitowa ta gefen fons, wato tsakiyar tushen ƙwaƙwalwa, ita kuwa turokiliya ita ce mafi siranta, kuma ita kaɗai ce ke fitowa ta baya. Waƙar ta ba ni harafi, ba ta ba ni kama ba.

Ga kuma O guda uku a farko. Wanda bai riga ya san olfaktori ce ke gaban optik ba, waƙar ba za ta cece shi ba.

Dakta Hauwa:
Sadiku ya taɓo inda ke ciwo. Akwai ma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: waƙar Olimfus tsohuwa ce, an tsara ta tun ana kiran ta takwas da sunan oditori, shi ya sa harafin A ke wurin. Yanzu a takardar jarrabawa bestibulokokiliya ake so, wadda a Turanci da V take farawa. Ta sha ɗaya ma haka, waƙar ta ba ta S saboda sifainal aksesori, wasu sababbin waƙoƙin kuma A suke ba ta. Idan kika haɗa tsohuwa da sabuwa a kai ɗaya, rikici ne kawai.

Mu lokacin da muke aji biyu, mu huɗu ne Hausawa, muka zauna za mu yi tamu da Hausa ta bin haruffa. Abin ya faskara. Kalmomin Hausa masu farawa da O nawa ne? Oho, oda, ofis, shi ke nan mun kusa ƙarewa. V kuwa babu shi sam a bakinmu. Sai muka bar haruffa muka bi aikin kowace jijiya, muka ɗora a kan mai tsiren da ke bakin layinmu:

Na shinshina tsire, na hango shi,
Na ware ido, na leƙa ƙasa,
Na tauna, na harari mai shi,
Na yi murmushi, na ji kira,
Na haɗiye, na ce ban ci ba,
Na maƙe kafaɗa, na yi gwalo.

Layi shida, kowane layi jijiya biyu. Shinshina olfaktori, hange optik. Ware ido okulomoto, don ita ke ɗaga fatar ido, leƙa ƙasa turokiliya. Tauna tiraijeminal, harara kuma abdusens, mai jan ido zuwa waje. Murmushi feshiyal, jin kira ta takwas. Haɗiya gulosofarinjiyal, magana begas, don ita ke riƙe da maƙogwaron murya. Maƙe kafaɗa aksesori, gwalo haifogulosal.

Maryam, amsar tambayarki ta tara: tunda biyu-biyu ne, layi na biyar yana ɗauke da tara da goma. Ba sai kin faro daga shinshina ba.

Maryam Idi-Araba:
Kai, Anti Hauwa, Allah ya saka da alheri! Na karanta sau biyu har ta zauna. Gwalon ne ya ba ni dariya.

Alhaji Ɗanlami Mayil Tuwalf:
Salamu alaikum likitoci. Ni ba ɗalibi ba ne, ɗana ne ya nuna mini. Na ga kuna maganar jijiyoyin kai. Ni likita ya ce jijiyar kaina ce hawan jini ke neman toshewa, to wacce ce a cikin sha biyun nan? Ko ta tauna ce, don ina yawan jin ciwo a nan gefen?

Dakta Hauwa:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba laifinka ba ne, Hausa ce ta haɗa su a suna ɗaya. Wadda likitanka ke nufi jijiyar jini ce, kamar bututu take. Waɗannan da muke magana kamar wayar lantarki suke, saƙo suke kaiwa da kawowa. Taka ba ta cikin lissafin nan. Ka ci gaba da shan maganin yadda aka rubuta maka, ciwon gefen kan kuma ka faɗa masa idan ka koma.

Bashir Ikeja:
Ni ban taɓa amfani da waƙa ba. Gaɓoɓin yatsu na yi amfani da su, yadda muke tasbihi bayan salla. Yatsu huɗu, kowanne gaɓa uku, sha biyu cif. Manuniya ɗaya zuwa uku, na tsakiya huɗu zuwa shida, haka har ƙaramin yatsa. A cikin danfo daga Ikeja nake bita, babban yatsa na bin gaɓoɓi, na kusa da ni yana zaton zikiri nake. Ranar jarrabawa hannu ne ya tuna, ba kai ba.

Kuma a gaskiya jerin ba abin wahala ba ne idan ka gane dalilinsa. Duk sha biyun daga tushen ƙwaƙwalwa suke fitowa, an jera su ne daga sama zuwa ƙasa. Ka kalli hoton sau ɗaya ka huta.

Sadiku Agege:
Malam Bashir, rabin maganarka daidai ne. Jerin daga gaba zuwa baya yake, haka ne. Amma "duk" ɗin nan zai ci maka maki a tambayar gaskiya ko ƙarya. Ta ɗaya da ta biyu ba daga tushen suke ba, daga can gaban ƙwaƙwalwa suke. Ta sha ɗaya kuma daga lakar wuya take tasowa, ta hau cikin ƙoƙon kai ta babban ramin nan na ƙasa, sannan ta sake fita tare da ta tara da ta goma. Shi kansa sha biyun ma lissafin mutane ne. Tomas Wilis a 1664 tara ya ƙirga, sai a 1778 wani Bajamushe ya raba su zuwa sha biyun da muke haddacewa.

Dabarar yatsun dai na sace ta.

Bashir Ikeja:
Na karɓi gyara a kan ta ɗaya da ta biyu. Ta sha ɗayan sai na duba.

Zainab Obalende:
Ni waƙar tsiren nan na gada daga wata babbar yaya, ban ma san daga wajen su Anti Hauwa ta fito ba. Ta kai ni har aji huɗu, sannan ta nuna mini iyakarta a gaban mara lafiya.

An kawo wani bawan Allah mai sayar da albasa, ɗan shekara arba'in da wani abu. Ya tashi da safe ya ga bakinsa ya karkace zuwa dama, ruwan alwala na zubowa ta gefen hagu idan ya kurkure baki. Da yake ni ce mai jin Hausa, aka ce in duba shi in yi bayani. Na ce ya yi murmushi, gefen hagu bai motsa ba. A raina na ce layi na huɗu, ta bakwai, an gama. Sai na ɗauki auduga na shafa masa kumatun hagu, ya ce yana ji sarai. Nan na rikice, na ce wa babban likitan wai jijiyar fuska ta mutu amma fuska na ji, ko dai ba ita ba ce? Ya dube ni ya ce wa ya gaya miki ta bakwai ce ke jin taɓi a fuska? Ta biyar ce. Waƙar ta ce mini "tauna", sai na ɗauka aikinta ke nan, alhali tauna reshe ɗaya ne kawai cikin rassanta uku ke yi, mafi yawan aikinta jin taɓi ne daga goshi har haɓa.

Sai ya tambaye ni abin da ya fi muhimmanci, wanda babu shi a kowace waƙa: kin ce ya ɗaga gira? Ban ce ba. Aka ce ya ɗaga, goshin hagu sumul, ko layi ɗaya babu. Aka ce ya rufe ido, na hagu ya ƙi rufuwa, ƙwayar ta juya sama. Wannan ya nuna jijiyar ce da kanta ta samu matsala bayan ta fito. Da a ce bugun jini ne a can cikin ƙwaƙwalwa, da goshin ya motsa, saboda ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ne ke aika masa saƙo, sai ƙasan fuska kawai ya shanye. Danginsa sun riga sun yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wasu na cewa iska ce ta mare shi. An ba shi magani da na ɗigawa a ido, aka koya masa rufe idon da filasta da dare don kada ya bushe.

Tun ranar na riƙe cewa ta uku ke buɗe ido, ta bakwai ke rufe shi. "Na ware ido" rabin labari ne.

Sadiku Agege:
Anti Hauwa, da izininki, ni layi na biyar ne bai kwanta mini ba. Kun ba ta tara haɗiya, amma yawancin tsokokin haɗiya begas ce ke motsa su, ta tara tsoka ɗaya tak gare ta. Wanda ya haddace haka zai iya faɗuwa tambaya.

Dakta Hauwa:
Gaskiyarka, mun yi wannan musun tun a lokacin. Wata ta ce a sa "na sha ɗaci", tunda ta tara ce ke ɗanɗano a kashi ɗaya cikin uku na bayan harshe. Muka ƙi, don ɗanɗanon gaban harshe na ta bakwai ne, sai mutum ya ɗauka duka na ta tara ne. Wani ya ce "na yi kakari", shi ma dai ta tara ke jin taɓin, ta goma ke yin yunƙurin. Duk inda ka juya su biyun nan a manne suke. Muka bar haɗiya don ta fi daɗin rerawa.

Zainab Obalende:
Ni da kakarin zan zaɓa, ko ba komai shi ake gwadawa a gadon asibiti.

Maryam Idi-Araba:
To ni yanzu wanne zan ɗauka? Na gwada "na yi kakari, na ce ban ci ba" kuma bai karya waƙar ba. Yaya Sadiku, gobe bayan la'asar muna ɗakin anatomi, idan kana kusa ka zo ka nuna mana siririyar nan da ta kayar da kai.